Me Ya Sa Ake Cewa "Nefu" Amma Ake Cewa "En-fi-si"?

A shekarun 1950 jam'iyyu biyu ne suka raba kan Arewacin Nijeriya, kuma kowacce tana da dogon suna na Turanci da ba kowa ke iya ja ba. Ɗaya ita ce Northern Elements Progressive Union, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Ɗayar kuma Northern People's Congress ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A takarda an gajarta su ta hanya iri ɗaya, wato an tsinci harafin farko na kowace kalma aka jera: NEPU da NPC. A baki kuwa sai suka rabu. Ta farko ta zama "Nefu", kalma guda mai gaɓa biyu, har aka samu ɗan Nefu da 'yan Nefu. Ta biyu ba wanda ya taɓa haɗa haruffanta ya karanta su kamar kalma, sai dai a kira su ɗaya bayan ɗaya: en, fi, si.

Wannan shi ne bambancin da masu nazarin Turanci suka sa wa sunaye biyu. Gajeren sunan da ake furtawa kamar kalma, irin NEPU, suna ce masa akronim. Wanda ake kiran haruffansa ɗai-ɗai, irin NPC, suna ce masa inishiyalizim. Kalmar akronim ba tsohuwa ba ce. Ta shiga Turanci ne a farkon shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojoji da ma'aikatun gwamnati suka yi ta haifar da gajerun sunaye ba ƙaƙƙautawa. An ƙera ta daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin tsini ko ƙarshen abu, ɗayar mai nufin suna. Ta biyun kuma daga kalmar Turanci ta harafin farkon suna aka samo ta. Faransanci ma yana da wannan rabo, don haka wanda ya yi makaranta a Maraɗi ko Zinder ya san shi da wasu sunayen.

Sai dai ba kowa ke kiyaye iyakar ba. Turawa da yawa suna kiran duka biyun akronim, kuma ƙamus irin na Merriam-Webster ya karɓi wannan faffaɗar ma'anar. Wanda ya ce BBC akronim ce bai yi wani babban laifi ba. Amfanin rarrabewar yana bayyana ne idan an zo karatu da babbar murya, a ɗakin labarai na rediyo, ko a aji, ko a gaban taro, domin takarda ba ta nuna wa mai karatu ko wanne ne a gabansa. INEC da EFCC duk manyan haruffa huɗu ne, duk hukumomin gwamnatin tarayya ne, amma ɗaya "Ainek" ce, ɗayar "i-ef-si-si".

Abu na farko da ke raba su shi ne wasali. Baki ba ya iya yin gaɓa sai da wasali, saboda haka jerin baƙaƙe zalla irin NPC, ko PDP, ko NNPC, ko BVN, ba shi da wata hanya sai a kira haruffa. NEPU kuwa baƙi ne da wasali, baƙi da wasali, daidai da ginin gaɓar Hausa. Haka NEPA da NECO da NATO da FIFA. Wasu hukumomi ma da gangan suke tsara sunansu don ya karantu. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano ba ta tsaya ga harafin farko kaɗai ba, ta ɗauki gaɓar farko ta sunan Kano da haruffa biyu na kalmar hanya ta Turanci, sai aka samu KAROTA, suna mai gaɓa uku da ya zauna a bakin direbobi kamar dama can Hausa ce. Da haruffan farko kawai aka ɗauka, da an samu wani abu mai kama da KRTA, kuma da wuya a ce yau ana cewa "'yan ke-ar-ti-e" da irin saurin da ake cewa "'yan Karota". A Nijar irin wannan haɗin gaɓoɓi ya fi yawa: NIGELEC ta wutar lantarki, SONIDEP ta man fetur, SOMAIR ta yuraniyom a Arlit. Sunan COVID da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Fabrairu 2020 shi ma haka aka gina shi, gaɓa biyu da harafi ɗaya.

Amma wasali dama kawai yake bayarwa, ba ya tilastawa. A nan ne masu son doka mai sauƙi suke tuntuɓe. A Jihar Kaduna akwai jami'o'i biyu da suka isa misali. Jami'ar jihar, KASU, kowa "Kasu" yake ce mata. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962, gajeren sunanta ABU ne, kuma babu abin da ya fi shi sauƙin karantawa a matsayin kalma. Duk da haka "e-bi-yu" ake cewa. Wanda ya ce ya yi karatu a "Abu" zai ba mutane dariya, domin Abu sunan mutum ne a ƙasar Hausa, ko Abubakar ko kuma laƙabin Zainab. Irin wannan karo da wata kalma yakan hana gajeren suna zama akronim. WHO a Turanci daidai take da kalmar tambaya mai nufin "wa", shi ya sa Turawa suke kiran haruffanta, kada mai sauraro ya zaci tambaya ake yi. US ma haka, da an karanta ta kamar kalma da ta zama "mu".

Wani lokacin kuma babu wani karo, al'ada ce kawai ta zaɓa. Na'urar cire kuɗi ta masu shago, POS, za ta karantu "fos" ba tare da wata wahala ba, amma daga Sakkwato har Yola "fi-o-es" ake cewa, kuma sana'ar ma ta samu suna, mai fi-o-es. USA tana da wasali biyu, ba a karanta ta "usa". Akwai dai wani abu da ake lura da shi: sunaye masu haruffa biyu ko uku sun fi karkata ga kiran haruffa, domin ba su da tsawon da zai gajiyar da baki, masu huɗu zuwa sama kuma sun fi neman zama kalma in dai wasali ya ba da hali. Wanda zai kira haruffan NAFDAC shida ɗai-ɗai, ko na ECOWAS, ko na UNESCO, bai rage wa kansa wani aiki ba. Wannan karkata ce, ba doka ba. PIN da SIM haruffa uku ne kuma kalmomi ne, NDLEA biyar ce da wasali biyu a ƙarshe kuma "en-di-el-i-e" ake cewa.

Ana iya ganin yadda abin yake cakuɗe idan aka bi ɗalibi ɗaya daga ƙarshen sakandare zuwa hidimar ƙasa. A ajin ƙarshe zai zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ko ta NECO, ko duka biyun. Ta farko "Wayek" ce, ta biyu "Neko", dukansu akronim. Daga nan sai JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ma akronim, kuma yawancin mutane "Jam" suke cewa, harafin ƙarshe ya ɓace. Amma jarrabawar da hukumar take shiryawa, UTME, inishiyalizim ce: "yu-ti-em-i". Cibiyar da zai je ya zauna gaban kwamfuta, CBT, "si-bi-ti" ce, tunda babu wasali ko ɗaya. Kafin ya yi rajista sai ya samu lambar ɗan ƙasa, NIN, kuma a nan zai ji mutane sun rabu, wasu na cewa "nin", wasu "en-ai-en", duka kuma ana ganewa. Zai tura saƙo daga SIM ɗinsa, "sim", ya biya kuɗi da katin ATM, "e-ti-em", ya danna PIN, "fin". Idan ya samu gurbi a BUK zai ce "bi-yu-ke", idan malamai suka tafi yajin aiki zai ce "Asu" ce ta jawo, ya haɗiye ɗaya daga cikin wasulan ASUU biyu na ƙarshe. A ƙarshe NYSC, wadda aka fara a 1973, za ta kira shi da "en-wai-es-si". Babu littafin da ya koya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Daga bakin yayyensa da malamansa ya ɗauka, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi kowace tabbas: a saurari yadda masu sunan suke kiran kansu.

Labarin NIN yana nuna cewa rabon ba a kan dutse aka sassaƙa shi ba. Sabon suna yakan yi shekaru yana lilo tsakanin hanyoyin biyu kafin ɗaya ta rinjaya, wani ma ba ya taɓa tsayawa. Masu harkar kwamfuta sun daɗe suna gardama kan SQL, wasu na kiran haruffa, wasu na cewa "sikwel".

To idan an tabbatar suna akronim ne, yaya ake furta shi? Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce, da zarar haruffan sun haɗu sun zama kalma, sautinsu yana bin dokar karatun sabuwar kalmar, ba ya bin kalmomin da aka ciro su. Harafin C ne ya fi nuna haka, kuma shi ne ya fi yi wa mai karatun Hausa tarko, domin a rubutun boko C sautin farkon "ciki" da "cokali" ne. Wanda ya karanta NECO da ƙa'idar Hausa zai fito da wani abu da ba wanda zai gane. A Turanci da Faransanci C tana zama "k" a gaban a, o, u da kuma ƙarshen kalma, tana zama "s" a gaban e da i. Shi ya sa ake cewa Neko, Ekowas, Ofek, Nafdak, Ainek. Shi ya sa kuma ake cewa "Yunisef", alhali C ta cikin UNICEF daga kalmar Turanci ta yara aka ɗauko ta, wadda ke farawa da sautin "c" irin na Hausa. Hukumar zaɓen Nijar, CENI, C ɗinta daga kalmar da ke farawa da sautin "k" ta fito, amma "Seni" ake cewa saboda E na biye da ita. Mutumin da ya ƙirƙiro tsarin hoton GIF, Steve Wilhite, ya tsaya a bainar jama'a a 2013 ya ce "jif" ne daidai, mutane da yawa suka ce ai kalmar da G ta fito daga ciki da sautin "g" take farawa. Hujjarsu ba ta da ƙarfi idan aka duba UNICEF, amma hakan bai hana "gif" ci gaba da yawo ba, har ƙamusoshi suka karɓi duka biyun.

INEC kanta tana da wani ɗan sirri. Kalmar da I take wakilta da sautin "in" take farawa, kuma da ƙa'idar Hausa "inek" za a karanta. Abin da ake faɗa shi ne "Ainek", wato an kira harafin farko da sunansa na Turanci, sauran ukun kuma aka haɗa su gaɓa guda. Irin wannan ruwa-biyu ba baƙo ba ne. JPEG, tsarin da yawancin hotunan waya suke ciki, "je-feg" ne: harafi ɗaya da sunansa, sauran kalma.

Inishiyalizim kuma matsalarsa daban ce. A nan abin da ake buƙata shi ne sanin sunayen haruffa, kuma sunayen haruffa sun danganta da harshen da aka yi gajartawar a cikinsa. Ƙasar Hausa tana tsakanin abacada biyu na Turawa, don haka kuskuren yana da sauƙin faruwa. A Turanci A "e" ce, E "i" ce, I kuma "ai". A Faransanci A "a" ce, I kuma "i". Ke nan idan mutumin Katsina ya ce "i" yana nufin E, mutumin Maraɗi zai rubuta I. Mafi ruɗarwa su ne G da J, domin kusan musanya suka yi: Bature ɗan Ingila yana ce wa G "ji", J kuma "je", Bafaranshe yana ce wa G wani abu mai kama da "je", J kuma mai kama da "ji". Ƙungiya mai zaman kanta a Nijeriya NGO ce, "en-ji-o". A Nijar ONG ce, "o-en-je". Gidan rediyon Faransa RFI a bakin masu shi "er-ef-i" ne, ba "ar-ef-ai" ba. Ƙawancen da Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla a watan Satumba 2023, AES, a Yamai da "a" ake fara kiransa, mai karanta labarai a Kaduna kuwa zai iya cewa "e-i-es" ba tare da ya san ya sauya masa kama ba.

Sau da yawa ma haruffan kansu ne suke juyawa, saboda Faransanci yana sa siffa bayan suna kamar yadda Hausa take yi. NATO takan koma OTAN, AIDS ta koma SIDA, HIV ta koma VIH, WHO ta koma OMS. Ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 ECOWAS ce a Kano da Kumasi, CEDEAO a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kuma wannan ta biyun ana faɗinta kamar "Sedeyawo". AIDS da HIV kuwa, ko da yake kullum tare ake ambatonsu, ɗaya akronim ce ɗayar inishiyalizim. "Sida" ita ce ta fi dacewa da bakin Bahaushe, har ta tsallako iyaka ta zauna kusa da "ƙanjamau".

Akwai kuma abin da harshen Hausa da kansa yake yi wa sunayen haruffa. Hausa ba ta bambanta P da F, kuma ba ta da V, sai B. Saboda haka PDP takan fito "fi-di-fi", APC "e-fi-si", BVN kuma "bi-bi-en". A hira ta yau da kullum wannan ba laifi ba ne, karin harshe ne kamar na kowa. Inda yake jawo matsala shi ne lokacin da wani yake rubuta abin da ake faɗa masa ta waya, lambar mota ko lambar shiga jarrabawa ko adireshin imel. P ba za ta ruɗe da F ba in dai an kiyaye sunayensu, tunda ɗaya "fi" ce ɗayar "ef", amma B da V sun zama ɗaya sak, M da N kuma a layi mara kyau da ƙyar ake raba su. Matuƙan jirgin sama da sojoji sun magance wannan tuntuni ta hanyar ba kowane harafi kalma, Alfa, Brabo, Cali, Delta. Mai waya a Kano yakan yi irin wannan da sunayen da ya sani, ya ce B ta Bauchi, M ta Minna.

Game da inda murya take sauka, Turanci yana da tsari mai sauƙi. A inishiyalizim harafin ƙarshe ne yake ɗaukar nauyi: a BBC "si" ce ta fi fitowa, a ATM "em". A akronim mai gaɓa biyu nauyin yakan faɗa a gaɓar farko, kamar NATO da NASA da FIFA, UNESCO kuma a tsakiya. Harafin W shi ne mai cin lokaci, gaɓa uku shi kaɗai. Shi ya sa www na farkon adireshin intanet, idan aka kira haruffansa, gaɓa tara ne, alhali kalmomi ukun da ya gajarta gaɓa uku ne kacal. A rubuce kawai ya rage wani abu.

Abin da ya fi ban sha'awa a Hausa shi ne yadda inishiyalizim yake narkewa idan ya daɗe a baki, har ya zama kalma ta ƙamus. Hukumar gargajiya ta zamanin Turawa a rubuce NA ce, a baki "en, e", kuma daga nan aka samu En'e: baitulmalin En'e, ɗan sandan En'e, ma'aikacin En'e. Jami'in mulki Bature mai kula da yanki, DO, ya zama Di'o. Alhamzar da ke tsakiya ba ado ba ce, Hausa ba ta barin wasali biyu su haɗu ba tare da wani abu ya raba su ba, kuma dalilin ke nan da ya sa "y" ta kutsa cikin "Wayek". A Nijar da Kamaru da Chadi kuɗin da aka ƙirƙiro a Disamba 1945, CFA, sunayen haruffansa a Faransanci "se, ef, a" ne, da sauri suka haɗe suka zama sefa. Mai canjin kuɗi a kasuwar Wapa ta Kano yana cinikin sefa kullum ba tare da ya ɗauke ta a matsayin haruffa uku ba. A nan iyakar da ke tsakanin nau'o'in biyu ta dushe: asalin kalmar kiran haruffa ne, amma yau kalma ce cikakkiya.

Idan suna ya kai wannan matsayi, yakan rabu da abin da ya haife shi. Kalmomin da CFA take wakilta an sauya su bayan mulkin mallaka, haruffan suka zauna. UNICEF, wadda aka kafa a 1946, ta zubar da kalmomi biyu daga cikakken sunanta a 1953, amma I da E ɗinsu suna nan har yau domin ba wanda yake son taɓa sunan da duniya ta saba da shi. NEPA, da aka kafa a 1972, an maye gurbinta da PHCN a 2005, sannan a 2013 aka sayar da rarraba wuta ga kamfanoni irin KEDCO. Duk da haka idan ƙwan fitila ya kama, yara "Nefa" suke ihu. PHCN ta yi shekara takwas ba ta shiga baki ba. Daɗewar NEPA tana cikin dalilai, amma da wuya a ce gaɓa biyu masu sauƙi a gaban "fi-eic-si-en" ba su taimaka ba. Shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo, NAPEP, ya shuɗe, sunansa ya rage a jikin keke mai ƙafa uku. A Turanci irin wannan tafiya ce ta haifar da radar da laser, waɗanda yanzu da ƙananan haruffa ake rubuta su, kuma kaɗan ne suka san gajartawa ne.

Wasu kafofin labarai na Birtaniya, irin BBC da jaridar Guardian, suna taimaka wa mai karatu da wata dabara: akronim suna rubuta shi da babban harafi ɗaya, Nato, Fifa, Unesco, inishiyalizim kuma su bar shi da manya duka. Jaridun Nijeriya galibi ba sa yin haka. Dabara ce da za ta yi wa rubutun Hausa amfani, ko da yake harafin C zai ci gaba da tayar da rigima, tunda "Inec" a idon mai karatun boko tana gayyatar kuskure fiye da INEC.

Akwai nau'i na uku da bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma a rubutun Hausa ya fi kowanne daraja. Wannan shi ne gajartawar da ido kawai ake yi wa, baki kuma ya faɗi cikakken abin. SAW bayan ambaton Annabi ba a karanta ta kamar kalma, ba a kuma kiran haruffanta, salati ake yi cikakke. Haka SWT da AS da RA, kuma akwai malaman da suka fi son a rubuta su a cike don kada a saba da tsallakewa. Alh. da Haj. da Mal. a gaban suna Alhaji da Hajiya da Malam ake karantawa. MƊD, wadda kafofin labarai na Hausa suke sawa a kanun labari don ƙarancin fili, mai karanta labarai Majalisar Ɗinkin Duniya yake cewa. Wannan yana nuna wani abu game da harshen: Hausa tana karɓar gajerun sunaye daga waje hannu bibbiyu, amma ba ta cika ƙera nata na faɗa da baki ba. Idan tana son gajarta, sai ta ɗauki kalma guda mai ma'ana. Jam'iyyun Nijar, kafin a rusa su a 2025, suna da haruffansu na Faransanci, PNDS da MNSD da CDS, amma a kasuwa Tarayya da Nasara da Rahama ake cewa. Larabci kuwa yana da tasa tsohuwar hanyar ta dunƙule jimla ta zama kalma, wadda ta ba Hausa basmala da hamdala da hailala.

A cikin jimla, gajeren suna yana bin nahawun Hausa kamar kowane baƙo. Jinsinsa yakan bi kalmar da aka ɓoye a bayansa: INEC ta sanar, domin hukuma ce, PDP ta ce, domin jam'iyya ce, ATM ya ƙi ba da kuɗi ko ta ƙi, gwargwadon ko mai magana inji yake nufi ko na'ura. Wajen mallaka kuma sautin ƙarshe ake dubawa, ba harafin da ke rubuce ba. PIN da SIM da BVN da ATM duk da baƙi suke ƙarewa a baki, don haka sai an kawo "ɗin": fin ɗina, sim ɗinki, bi-bi-en ɗinsa. Turanci ma kunne yake bi a irin wannan wuri, shi ya sa ƙaramar kalmar da yake sawa gaban suna take sauya siffa a gaban FBI, saboda sunan harafin F da wasali yake farawa, amma ba ta sauyawa a gaban FIFA. Masu gyaran Turanci sukan yi ƙorafi idan aka ƙara kalmar lamba bayan PIN ko kalmar inji bayan ATM, tunda N da M sun riga sun faɗi haka. A Hausa wannan ƙorafi ba shi da wurin zama. "Lambar PIN" da "hukumar INEC" da "ƙungiyar ASUU" daidai suke, domin kalmar Hausar ce take gaya wa mai sauraro wane irin abu ake magana a kai, kuma ita ce take ba jimlar jinsin da za ta bi.